Kowace Kibiya Jimla Ce: Lacca Kan Zana Taswirar Zazzaɓin Cizon Sauro

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa malamai, da ku ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu zana abin da ake kira taswirar ma'anoni, wato zanen da ake sa muhimman kalmomin darasi a cikin akwatuna, a haɗa su da kibiyoyi, sannan a rubuta 'yan kalmomi a kan kowace kibiya domin su bayyana dangantakar da ke tsakani. Joseph Novak da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro wannan hanya a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, lokacin da suke bibiyar yadda fahimtar yara game da kimiyya take sauyawa, kuma sun gina ta ne a kan ra'ayin David Ausubel cewa sabon ilimi yana zama ne idan ya sami abin da zai riƙe a cikin abin da ɗalibi ya riga ya sani. Matakai huɗu zan kawo, kuma darasin da na zaɓa shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin babu wanda bai san shi ba a ɗakin nan.

Mataki na farko shi ne a rubuta tambaya guda a saman allo, wadda taswirar za ta amsa. Tamu ita ce: ta yaya cizon sauro yake zama zazzaɓi? Na biyu, a jera kalmomin a gefe kafin a zana komai. Novak yakan ba da shawarar tsakanin 15 zuwa 25, amma mu mu fara da takwas: sauro, ruwan kwance, ƙwayar Falasmodiyum mai jawo cutar, yawun sauro, hanta, jajayen ƙwayoyin jini, zazzaɓi, da ƙarancin jini. Na baya, kuna ganin allon? Madalla.

To, yanzu mun zo mataki na uku, wato jan kibiyoyi da yin rubutu a kansu, kuma nan ne nake so mu daɗe. Ƙa'idar ita ce, idan ka karanta akwatin farko, ka karanta rubutun da ke kan kibiya, ka karanta akwatin da ta nuna, dole abin da ya fito daga bakinka ya zama cikakkiyar jimla, kuma dole jimlar ta zama gaskiya. Sharuɗɗa biyu ke nan, kuma na biyun ne yake kayar da ɗalibai. Ka ba yaro waɗannan akwatuna, nan take zai ja kibiya daga ruwan kwance zuwa zazzaɓi, ya rubuta “yana haifar da”. Ku karanta da ƙarfi: ruwan kwance yana haifar da zazzaɓi. Jimla ta cika, amma ba gaskiya ba ce, domin ko kududdufai sun cika unguwa, idan babu sauron da ke ɗauke da ƙwayar, babu wanda zai kamu da wannan cuta. Yaron ya tsallake akwatuna ne. Gyaran shi ne a goge wannan kibiya, a ja wata daga sauro zuwa ruwan kwance, a rubuta “yana saka ƙwai a cikin”.

Sai ya ce, to, sauro yana haifar da zazzaɓi. A nan ma ku tsayar da shi ku tambaye shi, wane sauron? Ba kowane iri ba ne, Anofilis ne, kuma a cikinsa ma tamatar ce kawai take shan jini, domin tana bukatarsa wajen raya ƙwanta, namijin kuwa ruwan furanni yake tsotsa. Kun ga mazan sauro sun daɗe suna ɗaukar laifin da ba nasu ba. Saboda haka neman gaskiyar jimla ya tilasta mana gyara akwatin kansa, ya koma “tamatar Anofilis”. Sannan ita ma ba haifar da cutar take yi ba, ɗauko ta take yi. Jimlolin da za su tsaya su ne: tamatar Anofilis tana ɗauke da Falasmodiyum a yawunta; Falasmodiyum yana fara hayayyafa a cikin hanta; daga hanta yana shiga jajayen ƙwayoyin jini; fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana tayar da zazzaɓi. Kibiya guda ta ƙarya ta zama huɗu na gaskiya, kuma ɗalibin ya ga dalilin da ya sa ba a ranar cizon ake kwanciya ba, tunda ƙwayar takan yi kusan mako guda a hanta, alamun kuma sukan bayyana bayan kwana 10 zuwa 15.

Ina roƙonku, ina kuma maimaitawa, kada ku karɓi “yana da alaƙa da” a kan kibiya. Wannan ba ƙarya ba ce, amma ba ta faɗi komai ba, domin hanta tana da alaƙa da jini, jini yana da alaƙa da sauro, kowa yana da alaƙa da kowa. Duk inda kuka gan ta, ku sani nan ne ilimin yaron ya ƙare, kuma nan ya kamata darasin gobe ya fara. Ku tambaye shi: shiga yake yi, fashewa yake yi, ko ɗauka yake yi?

Mataki na huɗu shi ne kibiyoyin da ke tsallakawa daga wani reshe zuwa wani. Fashewar jajayen ƙwayoyin nan ita ce kuma take jawo ƙarancin jini, ga ɗaya ke nan. Ɗayar kuma tana tashi ne daga jinin majinyaci ta koma ga sauro, domin sauron ma a jikin mutum yake kwaso ƙwayar, kuma sai ta yi kwana goma ko fiye a cikinsa kafin ta isa yawunsa. Ronald Ross ne ya ga ƙwayar a cikin sauro a Indiya a 1897. Na so in yi maganar yadda ake ba da maki, amma na ga hannu a tsakiya. Bismillah, Malama.

“Malam, idan ɗalibi ya ƙara akwatin sikila, ya rubuta cewa sikila tana kare mutum daga wannan zazzaɓi, in karɓa?”

Allah ya saka da alheri, Malama. Kada ki karɓa, kuma kada ki goge, domin yaron ya ji rabin gaskiya ne. Ki sa shi ya raba akwatin biyu. Mai rukunin AS, wanda ya gaji sikila daga ɓangare guda, yana iya kamuwa da cutar, sai dai haɗarin ta yi masa tsanani ya ragu ƙwarai, saboda haka a kibiyarsa za a rubuta “yana rage tsananin”, ba “yana hana” ba. Mai rukunin SS kuwa jajayen ƙwayoyin jininsa sun riga suna lalacewa da wuri, don haka zazzaɓin yana iya jefa shi cikin mummunan ƙarancin jini, kuma kibiyarsa a akwatin ƙarancin jini za ta sauka. Ki sa yaron ya karanta jimlolin biyu da ƙarfi a gaban aji, domin a cikin masu sauraronsa akwai yiwuwar a sami wanda ke da ƙane mai sikila a gida. Yanzu kowa ya ɗauki takarda, ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zana, ɗaya ya riƙa karanta kibiyoyin.