Darasi: Maifai ɗinka ba ya riƙe caji, kuma ba ya kama sabis

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan shagona a cikin garin Katsina nake magana, yau kuma aikinmu a kan maifai ne, wannan ɗan akwatin da ake sa wa layi ya raba wa wayoyi data. Ga shi nan a hannuna. Na wani bawan Allah ne mai shagon cire kuɗi da turawa a wajen Ƙofar Ƙaura, jiya ya kawo shi. Ya ce min, "Malam, abu biyu ke damunsa: minti arba'in bai cika yi ba sai ya mutu, sannan sabis yana zuwa yana ɗaukewa." Na ce masa, "Alhaji, mai yiwuwa ciwon ɗaya ne."

Bari in faɗa muku dalili. Duk lokacin da maifai zai yi magana da turken sabis, wuta yake ja daga batir, kuma idan sabis ɗin ya yi rauni sai ya ƙara ƙarfi, kamar mai ƙwala wa mutum kira daga nesa. To kun ga raunin sabis yana cinye batir. Shi kuma batirin da ya gaji, da zarar an ja shi da ƙarfi sai wutarsa ta faɗi, na'urar ta mutu ta sake tashi, kai kuma ka ɗauka sabis ne ya ɗauke. Shi ya sa ba na son mutum ya ruga kasuwa sayen batir kafin ya gwada.

Mu fara da abin da ba ya cin ko sisi. Kashe maifai ɗin, ka cire layin, ka sa shi a wayarka, a daidai wurin da kake zama. In a wayar ma babu sabis, to maifai ba shi da laifi: ko dai datarka ta ƙare, ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ba, ko kuma wurin ne ba sabis. Na Alhaji da na sa a wayata, nan take ya kama. Layi dai lafiya lau.

Yanzu ku matso ku ga batirin. Kun ga murfin bayan nan ba ya rufuwa sosai, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga? Tun daga nan na fara zargi. Na ciro batirin, na kwantar da shi a kan tebur, na murza shi da yatsa. Ku duba yadda yake juyawa kamar katantanwa. Lafiyayyen batir shimfiɗe yake, ba ya juyawa haka. Wannan cikinsa ya kumbura, iska ta taru a ciki. Don Allah, ina roƙonku, kada ku huda shi da allura wai iskar ta fita, kada ku danne shi da dutse, kada ku sake sa shi a caji. Yana iya kamawa da wuta, kuma mafi yawanmu kusa da katifa muke ajiye abin nan.

In bai kumbura ba, sai a koma ga mita mai auna ƙarfin wuta. A jikin wannan an rubuta 3.7V da 2000mAh. Irinsa idan ya cika, mita za ta nuna kusan 4.2. Amma ku lura da wani abu: gajiyayyen batir ma yana iya nuna 4.1 in ba a ɗora masa aiki ba. Sai an kunna an fara jan data ake gane gaskiyarsa. Na Alhaji ya nuna 4.1 a kan tebur, amma da na mayar da shi na haɗa waya biyu, cikin ƴan mintuna ya gangaro 3.4, fitilu suka ɗauke. Batir mai wannan girman, yana sabo, ya kamata ya kai mutum awa biyar ko kusa da haka.

Na tambaye shi inda yake ajiye shi. Ya ce a cikin aljihun tebur, a cikin kwantena, jone da caja tun safe har bayan isha'i. To ga inda aka haihu. Abu biyu ne ke saurin tsufar da irin wannan batir: zafi, da zama a cike kullum. Kwantenar ƙarfe a Katsina cikin watan Afrilu, ku da kanku kun san yadda take, ga kuma zafin da na'urar ke yi da kanta a rufaffen wuri. Ba muguntar mai sayarwa ba ce, wurin ajiyar ne ya dafa shi.

Wani lokacin kuma batirin lafiya yake, cajin ne ba ya shiga. Ƙurar hunturu tana cushewa a ramin caji, kan igiyar ya kasa shiga har ƙarshe. Kashe na'urar, ka sa tsinken sakace a hankali ka fito da dattin, ban da allura. Ka canza igiya, ka samu kan caja mai rubutun 5V da aƙalla 1A.

Da na sa sabon batir, wanda lambar jikinsa ta yi daidai da ta tsohon, mutuwar ta tsaya. Amma na ce masa aiki bai ƙare ba, mu je shagon. A can na haɗa wayata da maifai ɗin, na buɗe burauza na rubuta adireshin da ke manne a ƙarƙashin batir. Na wannan shi ne:

```
192.168.8.1
```

Wasu nasu `192.168.0.1` ne, ka duba naka. In ka shiga, nemi inda aka rubuta `RSRP`, wato ma'aunin ƙarfin sabis, galibi a shafin bayanin na'ura. Lamba ce mai alamar ragi a gabanta, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau: -85 sabis ne mai ƙarfi, in ta wuce -110 kuwa da ƙyar ake numfashi. A cikin aljihun teburin Alhaji -113 muka gani. Na ɗauko shi na rataye a bakin tagar da yake miƙa wa mutane kuɗi, ta ɓangaren inuwa, sai ya dawo -96. Tazarar ba ta fi taku biyu ba, amma ƙarfen kwantena ne yake tare sabis ɗin.

Tunda kuna cikin shafin, ku leƙa `Network Mode`. In an bar shi a `4G only` kuma kana ƙauyen da wannan sabis bai kai ba, jar fitila kawai za ka yi ta gani, sai ka mayar da shi `Auto`. Ƴan'uwa na wajen Kwangwalam da Jibiya, ku kuma wani lokacin na'urar takan kama sabis ɗin Nijar, sai ku zaɓi `Manual` ku nuna mata kamfanin layinku da hannu. In kuma kun sa layin wani kamfani ta nuna `SIM locked`, wannan kulle ne daga inda aka sayo ta, batir ko taga ba za su buɗe shi ba.

Abin da na bar wa Alhaji shi ne ya rinƙa cire caja in ta cika, ya mayar in ta kusa ƙarewa, kuma da dare ya kashe ta ta huta. Ya ce zai leƙo ranar Juma'a bayan masallaci ya gaya min awa nawa take kai masa yanzu. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.