Darasi: Yadda ake rage gudun bidiyon da aka ɗauka a firam 30 ba tare da ya riƙa tsalle ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ga wani guntun bidiyo na daƙiƙa shida a gabanmu, amarya ce take shigowa ɗakin taro, tana zuwa tsakiya sai ta juyo ta dubi kyamara. An ɗauke shi da waya a firam 30 cikin daƙiƙa ɗaya. So muke wannan juyowar ta zo a hankali, kuma kada hoton ya riƙa tsalle. Da manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve za mu yi aikin.

Mu fara da lissafi, domin a nan matsalar take. Firam 30 na nufin kyamara ta ɗauki hotuna 30 a kowace daƙiƙa. Idan ka mayar da gudun 50%, daƙiƙa ɗayan nan ta zama biyu, ke nan kana buƙatar hotuna 60, alhali 30 gare ka. Manhajar za ta cike giɓin ta hanya mafi arha: ta nuna kowane hoto sau biyu. Ido kuwa yana ganin sabon hoto sau 15 kacal a daƙiƙa, shi ne wannan tsallen da kuke gani. Idan ka sa 70% abin ya fi muni ta wani ɓangaren, domin wasu hotunan za a maimaita su, wasu ba za a maimaita ba, sai motsin ya zama kamar na mai ɗingishi.

To, ga bidiyon a kan taimlayin, wato layin da ake jera bidiyo a kai, mai firam 30. Ku danna shi, ku buga Ctrl+R, za ku ga Retime Controls ya buɗe. Ku kai layin kallo daƙiƙa ta uku, daidai inda kafaɗarta ta fara juyawa, ku danna ɗan kibiyar da ke kusa da 100% a ƙasan bidiyon, ku zaɓi Add Speed Point. Ku matsa zuwa daƙiƙa ta huɗu ku ƙara wani. Yanzu bidiyon ya kasu uku. Kashin farko, tafiyar shigowa, a sa masa 200%, daƙiƙa ukun ta koma ɗaya da rabi. Na tsakiya 50%, ya zama daƙiƙa biyu. Na ƙarshe a bar shi yadda yake.

Me ya sa muka ƙara wa farkon gudu? Saboda ido da abin da ya gabata yake auna jinkiri. Bayan 200%, hamsin ɗin nan zai yi wa mai kallo kama da jinkiri sosai, ba sai ka sauka zuwa 25% ba. A 25% kuwa, cikin kowane hotuna huɗu uku na ƙirƙira ne, da wuya fuskar mutum ta tsira a haka. Ni shawarata, bidiyon firam 30 kada ya sauka ƙasa da 50%, sai in motsin cikinsa kaɗan ne ƙwarai.

Yanzu sai cike giɓin. Ku je Inspector, ku sauka zuwa Retime and Scaling, ku buɗe Retime Process. Nearest shi ne mai maimaita hoto. Frame Blend yana ɗora hotuna biyu kan juna, tsallen zai ragu amma za ku ga hannu ya zama biyu kamar inuwa. Wanda muke so shi ne Optical Flow. Shi yana duba hoto na ɗaya da na biyu, ya gano ina kowane ɓangare ya matsa, sai ya zana sabon hoto a tsakani. A Motion Estimation ku zaɓi Enhanced Better. Masu Resolve Studio, wanda ake saya, suna da Speed Warp, ya fi tsabta amma yana wahalar da kwamfuta.

Kada ku yarda da shi haka nan. Ku bi kashin tsakiyar nan firam ɗaya-ɗaya da kibiyar dama ta kibod, ku sa ido a gefen mayafi da yatsu. Kun ga nan, inda hannun ƙawarta ya gitta gaban fuskarta? Dubi yadda kumatun ya narke ya bi hannun. Dalili shi ne abin da ke bayan hannun babu shi a hoton farko, don haka manhajar ta yi kame-kame. Haka yake yi da kuɗin liƙi suna zubowa, da leshi ko atamfa mai ƙananan zane iri ɗaya, domin ba ya gane wane fure ne ya matsa ina. Filashin mai ɗaukar hoto ma yana rikita shi, tunda hoto ɗaya ya yi fari fat, maƙwabcinsa kuma duhu. Maganin ba ƙara saiti ba ne. Kowane makin gudu, wato Speed Point ɗin da kuka ƙara, yana da mariƙi biyu, ku ja na ƙasa ku matsar da wurin jinkirin zuwa bayan hannun ya wuce. Rabin daƙiƙa mai tsabta ya fi daƙiƙa biyu da fuska a karkace.

Saura gangaren. A yanzu gudun yana faɗowa daga 200% zuwa 50% a firam guda, kamar direba ya taka birki da ƙarfi. Ku danna dama a kan bidiyon, ku zaɓi Retime Curve. A jerin da ke sama ta hagu ku kunna Retime Speed. Ku danna makin farko, ku danna alamar lanƙwasa da ke sama, sannan ku ja hannayensa har sauyin ya ɗauki firam 10 zuwa 15. In ya gaza haka zai yi fizga, in ya yi tsawo da yawa juyowar za ta wuce kafin jinkirin ya kankama. Na biyun, wanda yake komawa 100%, firam takwas ma ya isa.

Sautin bidiyon ku raba shi da hoton, ku ɗora kiɗa, ku sa saukar gudun ta faɗa kan bugun ganga.

Wani lokaci za ku kunna ku ga har yanzu yana sarƙewa, alhali aikin lafiya yake, kwamfutar ce ta gaza. Ku je Playback, Render Cache, ku zaɓi Smart, ku jira jan layin da ke saman taimlayin ya koma shuɗi. In har bayan haka yana tsalle a wurare daban-daban, ku zargi wayar. Wayoyi da yawa ba sa riƙe firam 30 daram, musamman a wuri mai duhu. Ku wuce da fayil ɗin ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, ku sa 30 tare da Constant Framerate, sannan ku sake shigo da shi.

Akwai jinkiri na kyauta kuma. Idan taimlayin ɗinku firam 24 ne, bidiyon 30 zai sauka zuwa 80% ba tare da ƙirƙirar hoto ko ɗaya ba, domin 24 shi ne 80% na 30. Amma ku sani, duk wani bidiyon 30 da kuka bari a 100% a wannan taimlayin zai riƙa zubar da hoto ɗaya cikin biyar, don haka dabarar ta fi dacewa da gajeren bidiyo na kiɗa zalla, wanda babu magana a ciki. Kuma a Project Settings ake zaɓar wannan kafin a shigo da bidiyo, bayan nan ya kulle.

Masu ɗauka kuma, in kun san za a rage gudu, kuma dole a 30 za ku ɗauka, ku ɗaga shota, wato ku rage tsawon lokacin da kyamara ke ɗaukar kowane hoto. A 1/60 hannu mai motsi yana fitowa dishi-dishi, jinkiri kuma yana tona wannan. A waje da rana 1/120 ya yi. A cikin ɗakin taro ku sa 1/100, domin wutar Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, kuma a 1/120 wasu fitilun za su riƙa ƙyaftawa ko su ja layuka a hoton. In janareta ne ke aiki, ku ɗauki gwaji na daƙiƙa biyar ku duba kafin amarya ta iso, don shi bugunsa yana hawa yana sauka.