Amsoshin Tambayoyinku: sabon soja da ciwon gindin cinya

Wata uwa ce ta rubuto mana daga Tawa: "Ɗana ya shiga soja, yana wurin horo kusa da Yamai. Sati biyar da farawa ya soma jin ciwo a gindin cinyar dama, yanzu har ɗingishi yake yi. An ɗauki hoton ƙashi, an ce ba komai. Ya ci gaba da gudu ne, ko mu kai shi wurin mai ɗori?" Likita, bismilla.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki faɗa masa ya daina gudu daga yau, kuma kada ya taka ƙafar nan sai da sanduna biyu, har likitan ƙashi ya gan shi. Abin da nake tsoro shi ne tsagewar wuyan ƙashin cinya, wannan ɗan siririn wuri da ke haɗa dogon ƙashin da kansa mai shiga cikin ƙugu.

Irin wannan tsaga ba faɗuwa ke kawo ta ba. Ƙashi yana gyara kansa kullum, amma sai ya fara cire tsoho kafin ya cike da sabo, kuma cikewar tana ɗaukar watanni. Yaron da bai saba gudu ba, aka ɗora masa gudun asuba da fareti da jaka a baya, yana dukan ƙashin a daidai lokacin da ya fi rauni. Alamar tsagar ciwo ne da ke zuwa a ƙarshen gudu, sannan a farkonsa, sannan a tafiya kawai, wani lokaci har da dare a kwance. In aka murɗa cinyar ciki, zai ji shi sosai.

Maganar hoto kuwa, ba ƙarya aka yi muku ba. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a sati biyu zuwa uku na farko, domin tsagar ta yi sirantar da ba ya kamawa. Da a ƙashin tsakiyar tafin ƙafa ne, na biyu ko na uku, sai in ce ya huta, a sake hoto bayan sati biyu. A gindin cinya ba a jira. Hoton da za ku ga an rubuta IRM a takarda shi ake nema, don yana ganin kumburin cikin ɓargo tun kwanakin farko. Sikana ta fi amfani in ana son bin layin tsagar da aka riga aka gano. Na san IRM yana da tsada, amma a wannan wuri ya cancanci kuɗinsa.

Hoton zai nuna gefen da tsagar take, kuma a nan magani ke rabuwa. In ta ƙasan wuyan ce, nauyin jiki yana matse ta ne; muddin ba ta kai rabin faɗin wuyan ba, sanduna na sati shida ko fiye, tare da maimaita hoto, sukan wadatar. In ta sama ce, kowane taki buɗe ta yake yi, don haka akan yi aiki a sa kusoshi tun ba ta goce ba. In ta goce, jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin na iya tsinkewa, kan ƙashin ya mutu, saurayi ɗan shekara 20 ya rasa ƙugunsa. Shi ya sa ba na son mai ɗori ya ja ƙafar nan, ba na son tausa. Tramol kuwa, wanda abokai za su miƙa masa don ya jure, rufe ciwon kawai yake yi alhali tsagar tana ƙaruwa.

Masu ƙwallo da ƴan tsere da ke saurarenmu, akwai wasu wurare da ke da irin wannan haɗari: gaban ƙwauri daidai tsakiya, saman ƙafa kusa da idon sawu, da gindin ƙashin da ke bin ƙaramin yatsan ƙafa.

Komawa horo ba da lissafin kwana ake yi ba. Sai hoto ya nuna tsagar ta haɗe, ya ajiye sanduna, ya yi kamar sati biyu yana tafiya ba ciwo. Daga nan ya fara sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 4, yau a yi gobe a huta, yana ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a sati. In ciwon ya dawo, ya tsaya ya koma matakin baya. Jaka mai nauyi da tsalle su ne na ƙarshe. Ga wuyan cinya, ku sa rai da wata huɗu zuwa shida. A duba cimarsa kuma, domin wanda ke ƙona ƙarfi fiye da abin da yake ci ƙashinsa ba ya saurin haɗewa: nono, ƙwai, wake, ya ci ya ƙoshi. Ya je wurin likitan barikinsu gobe da safe, ya faɗi ranar da ciwon ya fara da inda yake jin sa, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙashi.