Amsoshin Tambayoyinku: Bashin da Ya Kwana Biyu

"Assalamu alaikum. A watan Janairun 2018 na ba wani kamfanin gine-gine siminti buhu 300 bashi. Mun yi yarjejeniya a rubuce cewa zai biya ƙarshen Maris na shekarar. Ya turo min dubu 200 ta banki a Yunin 2021, daga nan sai 'gobe, jibi'. Wani ya ce min ko na je kotu lokaci ya wuce. Ina da takarda da shaidu, yaya za a ce lokaci ya wuce? Daga Daura."

Mai gabatarwa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Wasiƙu irin taka sun cika mana tebur, don haka za mu zauna a kanta. Amma kai ma ka yi haƙurin da ya wuce misali. Barista, bismillah.

Barista: To, wanda ya gaya masa haka bai yi ƙarya duka ba. Akwai dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, kowace jiha da tata. A Legas da Abuja shekara 6 ne ga bashi, wasu jihohin kuma 5. Ni a ofishina da 5 nake lissafi, gara a yi sammako. Dalilin dokar shi ne shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓata. Na taɓa yin wata shari'a da rasit ɗin gara ta cinye rabinsa, muka yi ta...

Mai gabatarwa: Barista, agogo. Daga yaushe ake fara ƙirga?

Barista: Yauwa. Daga ranar da ya kamata a biya ba a biya ba. Ba ranar da aka sauke siminti ba, ba kuma ranar da Alhaji ya fusata ba. A nan ƙarshen Maris 2018 ke nan. Shekara 5 ta cika a ƙarshen Maris 2023. Idan an shigar da ƙara bayan nan, lauyan kamfani zai miƙe ya ce wa'adi ya ƙare. Alƙali zai dubi ranar da ka rubuta cewa an saɓa alkawari, ya dubi ranar da ka shigar da ƙara, ya ƙirga tsakani. In ya haura, ko shaidunka ba za a kira ba. Bashin yana nan a wuyan mutumin, kotu ce dai ba za ta karɓo maka ba.

Mai gabatarwa: Shi ke nan Alhaji ya tafka asara?

Barista: Dubu 200 ɗin nan ce ta cece shi. Idan wanda ake bi ya biya wani abu daga cikin bashin, ko ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ƙirga tana komawa farko. Saboda haka nasa ya tashi daga Yunin 2021, ya kai Yunin 2026 a lissafin shekara 5. Ya je banki ya karɓo takardar bayanin asusunsa ta watan Yunin 2021, ya kai wa lauya tare da yarjejeniyar.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu saurare a kasuwa. Biyan wani abu, ko amsa bashi a rubuce da sa hannu, shi ke sabunta wa'adi. To zaman sulhu fa? Mu nan sai an bi ta wajen dattawa da mai unguwa.

Barista: Nan ne mutanenmu ke faɗawa. Sulhu alheri ne, amma ba ya tsayar da ƙirga. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Eboigbe da NNPC a 1994. Wasiƙar neman biya da kai ka rubuta ma ba ta tsayarwa, haka "wallahi bayan Sallah" na fatar baki. In an zauna gaban dattawa, a tashi da takarda: nawa ake bi, ranar nawa, ya sa hannu.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina kunya ce ke cin dukiyarmu. Ga wata daga Mashi: "Maƙwabcinmu yana noma gonar mahaifinmu shekara 15, yanzu ya ce tasa ce."

Barista: Wannan maganar kotun shari'ar Musulunci ce, sunanta hauzi, wato mallakar abu saboda daɗewar riƙe shi. A mazhabar Malikiyya shekara 10 ne ga bare idan mai gona yana gani ya yi shiru ba uzuri, 40 tsakanin dangi. Amma in aro ne ko jingina, hauzi ba ya hawa. Ku nemo waɗanda suka shaida bayarwar tun suna raye.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Ƙofar Marusa: "Wani jami'in gwamnati ya rushe min rumfa wata biyu da suka wuce."

Barista: Wata 3 kacal dokar kare jami'an gwamnati ta bayar. Saura maka ɗaya, Malam, gobe ka ga lauya.

Mai gabatarwa: Injiniya yana ɗaga min hannu. Hajiya ta Dutsin-Ma, tambayarki ta gado ita za mu fara da ita mako mai zuwa in Allah ya kai mu.