Maganin Sukari Da Ɓacin Ciki: Laccar Da Aka Gabatar A Zangon Kumasi

Assalamu alaikum, malamai, iyaye mata da 'yan uwa.

Watan jiya wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a Aboabo ta same ni a shagon magani, ƙwayoyinta na metfomin, maganin ciwon sukari, ƙulle a bakin zani. Ta ce, "Ɗana, wannan magani bai karɓe ni ba." Tashin zuciya, zawo, baki na ɗanɗanon ƙarfe, ko tuwon zafi ba ta marmari. Kwana biyar ta sha, ta ajiye. Da na bincika, ashe miligiram 500 aka rubuta mata sau ɗaya a rana a makon farko, ita kuwa don son ta warke da wuri sai take haɗiye biyu da asuba, ciki ba komai, kafin ta hura wuta.

To, me ke faruwa a cikin cikin? Metfomin yana taruwa a bangon hanji fiye da yadda yake taruwa a jini. A nan yake sa hanji ya ƙara fitar da wani sinadari mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, mai kuma jinkirta saukar abinci daga tumbi. Shi ya sa loma uku sai ka ture kwano, zuciya na tashi. Zawon kuma hanyarsa daban. Akwai ruwan matsarmama da hanta ke haɗawa don narkar da maiƙo. Bisa al'ada ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse shi ya mayar, amma maganin yana rage wannan tsotsa. Sai ragowar ta gangara babban hanji ta jawo ruwa, bayan gida ya tsinke.

Abin da nake so ku riƙe, yawan ƙwayar da ta faɗa hanji lokaci guda shi ke hargitsa shi. Na ce wa Mama ta koma ƙwaya ɗaya, a tsakiyar abincin dare, ba bayan kokon ruwa zalla ba. Bayan mako guda aka ƙara ta safe. Cikin mako biyu cikinta ya lafa, kuma haka yake ga mafi yawan mutane. Wanda nasa ya ƙi lafawa, akwai nau'in da ke narkewa sannu a hankali, likita na iya sauya masa. Shi wannan ba a fasa shi, ba a tauna shi.

Amma wani Alhaji da ke zaune a gaba ya tambayi yaushe ne ɓacin cikin ya wuce iyaka, kuma tambayar tana kan hanya. In amai ya ƙi tsayawa, ruwa ba ya zama a ciki, fitsari ya ragu, ko numfashi ya koma sama-sama da kasala mai tsanani, a dakatar da ƙwayar a nufi asibiti ran nan. Ƙoda ce ke fitar da metfomin, kuma in jiki ya bushe ba ta iya aikinta, sai maganin ya taru a jini.