Amsoshin Tambayoyinku: Makin Hanya a Lissafin Kalkulas

Wata ɗalibar aji ɗaya a jami'a ta rubuto mana daga Zariya tana cewa: "Malam, an ce a kewaye lambu mai kusurwa huɗu da waya mita 60, gefe ɗaya bango ne, a nemo fili mafi girma. Na rubuta 450, kuma daidai ne, amma maki 2 aka ba ni cikin 8. Ina kuskurena?"

To, Malama, mai duba takarda ba ya ganin abin da ke cikin kanki, sai abin da biro ya ajiye, kuma yawancin makin irin wannan tambaya a kan matakai aka raba shi. Ki ɗauko takarda mu bi ta tare.

Ki fara da ɗan zane, ki rubuta a fili cewa x shi ne faɗin lambun daga bango, y kuma tsawonsa, duka a mita. Tunda bangon ya tare gefe guda, gefe uku kaɗai wayar za ta zaga, saboda haka 2x + y = 60. A nan ɗalibai da dama ke zamewa, su rubuta 2x + 2y kamar babu bangon. Girman filin shi ne A = xy, sai ki cire y ta hanyar sa y = 60 − 2x, ki sami A = 60x − 2x². Ki ƙara da cewa 0 < x < 30, domin idan x ya kai 30 babu wayar da ta rage wa tsawo.

Daga nan ki rubuta dA/dx = 60 − 4x a layinsa shi kaɗai, sannan a layi na gaba ki daidaita shi da sifili, wato 60 − 4x = 0, wanda ya ba da x = 15. Ina roƙonki kada ki haɗe layukan nan biyu, domin sau da yawa kowannensu da makinsa, kuma ko da kin yi tuntuɓe a rabawa, makin hanyar yana nan.

Matakin da ya fi damuna shi ne wanda aka fi tsallakewa. Samun dA/dx = 0 bai nuna cewa kin kai ƙololuwa ba, domin a ƙasan kwari ma haka yake fitowa. Dole ki rubuta d²A/dx² = −4, ki kuma faɗa da kalmomi cewa tunda wannan ya gaza sifili, x = 15 ne ke ba da fili mafi girma. Lambar kaɗai ba tare da wannan jimla ba tana iya rasa makin.

Sai ki koma ga abin da aka tambaya, wanda shi ne girman fili, ba faɗi ba: y = 30, saboda haka A = 15 × 30 = 450, ki rubuta murabba'in mita a gefensa. Idan da sauran lokaci, ki gwada x = 14 da x = 16 a gefen takarda, za ki ga kowannensu 448 yake bayarwa.