Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin suna ya zarce lissafi, ina suka shiga?

“Assalamu alaikum. Allah ya azurta mu da haihuwa, na ware naira dubu 300 don hidimar suna. Da aka watse na duba sai na ga dubu 465 suka fita. Na san kaya sun yi tsada, amma har na fara zargin ƙanina da na wakilta ya yi cefane. Ga takardar lissafina na haɗo. Don Allah yaya zan gane inda kuɗin suka shiga?”

Wa alaikumus salam, angon ƙarni. Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Masu sauraro, wannan wasiƙa daga unguwar Gwale ta zo mana, a cikin birnin Kano. Da muka karanta sai muka kira Malam a waya, muka bi takardar tasa layi-layi, kuma ya amince mu faɗi abin da muka gano.

Malam, da farko ka ajiye maganar ƙaninka tukuna. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma takarda ce za ta raba gardama.

Aikin da za a yi shi ne a raba takarda gida uku. Gidan farko sunan abin da aka saya, na biyu abin da aka ware masa, na uku abin da aka biya a zahiri. Gida na ukun nan ba da ka ake cika shi ba. Ka buɗe wayarka ka bi saƙonnin banki tun daga ranar haihuwa har kwana biyu bayan suna, kowane tiransifa ka rubuta wanda aka tura wa, kuma na mene ne. Sannan ka zauna da wanda ya je kasuwa da wadda ta tsaya a kan girki, domin su suka san abin da aka ƙaro ana tsakiyar hidima.

In an cika takardar, duk layin da ya haura sai ka yi masa tambaya guda: farashi ne ya tashi, ko yawan abin ne ya ƙaru, ko kuwa tun asali ba a sa shi a lissafi ba? Nan ne mutane suke ruɗewa, domin komai ya haura sai a ce tsadar rayuwa.

Mu ɗauki rago. Ka ware dubu 120, aka sayo a dubu 150. Ka ce mana girmansa daidai yake da wanda ka taya a kasuwar Wudil watanni uku kafin haihuwa, sai dai sunan ya faɗo ana gab da Babbar Sallah, lokacin da masu layya suke rububin raguna. To wannan dubu 30 tsada ce tsantsa. Amma da a ce an je kasuwa ne aka ga wanda ya fi ƙiba aka ce a ɗauko shi don fita kunya, da ba za mu kira shi tsada ba, zaɓi ne aka sauya.

Shinkafa ita ce na fi so a saurara da kyau. Ka lissafa rabin buhu a kan dubu 40, wato buhu dubu 80. Da aka je kasuwar Singa buhu ya koma dubu 88, kuma guda sukutum aka sayo. In ka kalli bambancin a dunƙule, dubu 48 ne, sai ka ce shinkafa ta ninka kuɗi. Ba ta ninka ba. Rabin buhun da ka yi niyya, a sabon farashi dubu 44 ne, ka ga dubu 4 kacal tsada ta ci. Sauran dubu 44 ɗin kuɗin rabin buhun da aka ƙara ne. Ƙa'idar ke nan ga kowane kaya: ka fara lissafa adadin da ka yi niyya a kan sabon farashi, abin da ya haura shi ne tsada, ragowar kuma ƙarin yawa ne.

Ita kuwa shinkafa ba ta tafiya ita kaɗai. Da tukunya ta ƙaru, kayan miya da mai da nama suka haura da dubu 20, lemo da ruwan leda da dubu 12. In an haɗa da rabin buhun nan, dubu 76 ke nan da yawan jama'a ya jawo. Ta yaya muka tabbatar? Robobin zuba abinci muka tambaya. Malam ya yi lissafin mutum 60, wato maƙwabta da abokan da za su zo raɗin suna da safe, amma robobin da aka raba sun kai 150. Taron mata na yamma bai shiga lissafinsa ba, ga dangin mai jego, ga ƙawaye, ga kwanukan da ake aikawa gidajen maƙwabta da surukai. A ganina wannan shi ne babban giɓin, kuma yana faruwa ne idan maigida ya yi lissafi shi kaɗai bai tambayi cikin gida mutum nawa ake sa rai ba.

Sai abubuwan da babu su a takarda kwata-kwata. An sa kuɗin atamfa da leshin fitar suna, an manta da tela, dubu 15. Hayar kujeru da rumfa dubu 12, robobi dubu 8, mahauci da wanzami dubu 7. Jimla dubu 42. Babu almubazzaranci a cikinsu, mantuwa ce kawai.

To yanzu a tara. Tsadar rago da shinkafa dubu 34. Ƙarin yawa dubu 76. Abin da aka manta dubu 42. Ya kama dubu 152 daga cikin dubu 165 da suka haura. Ka ga tsadar da ka ɗora wa laifi kashi ɗaya cikin biyar kawai ta ci.

Saura dubu 13 da ba mu ga layinsu ba. Saƙon banki ya nuna kai da kanka ka cire tsabar kuɗi a wurin mai POS da safiyar suna. Irin waɗannan su ne ake ba gwaggo kuɗin mota, a biya ɗan adaidaita da ya kawo kaya, a ƙaro itace da ƙanƙara, ga ladan mai POS ɗin. Abin da ya bi ta hannun ƙaninka kuwa, kowace naira ta fito a takarda. In ka riga ka nuna masa wata alama a fuska, ya kamata ka kira shi ka nuna masa lissafin.

Akwai abu biyu da kan ɓata irin wannan kwatance, ko na suna ne ko na biki. Kada a cire gudummawar 'yan uwa daga kuɗin da aka kashe kafin a kwatanta, a rubuta ta a shafi dabam, in ba haka ba giɓin zai ɓuya a bayanta. Haka kuma duk abin da aka karɓo bashi ya shiga gidan abin da aka kashe, ko da ba a biya ba tukuna. Malam, ka ce mana ragowar shinkafa ta kai kwano uku a cikin buhu. Ka ƙiyasta kuɗinta ka cire daga na suna, domin ta koma cefanen gida. Ka kuma tambayi ƙaninka ko akwai mai kujeru ko mai lemo da yake bin ku ciko, in akwai a ƙara shi a layinsa.